Kwalba uku a gabana: wacce ce za ta ƙara min jini?

Assalamu alaikum. Shekarata 31, kuma muna neman haihuwa. Na daɗe ina fama da kasala da jiri, da aka auna jinina sai aka ce ya yi ƙasa, ma'aunin ya nuna 10.2. Likita ya rubuta min feros salfet mai 200 mg, ƙwaya ɗaya kullum, amma yana sa ni tashin zuciya da taurin bayan gida. Ƙawata ta kawo min wata kwalba ta bitamin iri-iri, an rubuta feros gulukonet 300 mg da bitamin A 10,000 IU a duk ƙwaya biyu, ga kuma tambarin GMP a jiki. Ta ce tata ta fi ƙarfi, tunda 300 ya fi 200. Na kuma sayi ta uku a intanet, mai "gaurayen sirri 850 mg". An rubuta cewa FDA ta amince da ita, ba ta da illa, tana cika jini cikin kwana bakwai, kuma tana maganin rashin haihuwa. In bar na likita in koma ɗaya daga cikinsu, ko in haɗa duka?

Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma ba ku zuriya mai albarka.

Kada ki haɗa su, kuma kada ki bar na likita. Ta ukun, in ba ki daɗe kina shanta ba, ki rufe ta ki ajiye daga yau. Ta biyun ma ba ta dace da macen da ke neman ciki ba. Amma ba na so ki karɓi wannan don kawai na faɗa, domin gobe wata kwalbar za a kawo miki, mai launi daban da alkawari daban. Gara ki iya karanta su da kanki. Ɗauko su ki jera a gabanki, ki juya musu baya. Gaban kwalba na mai talla ne, abin da ya shafi jikinki yana baya, a cikin ƙananan rubutu.

Mu fara da maganar 300 da 200, don a nan ne ƙawarki ta yi kuskure, kuma kuskure ne da kusan kowa ke yi. Galibi ba a zuba zallar ayon, wato sinadarin ƙarfen da jiki ke gina jini da shi, a cikin ƙwaya a ce mutum ya haɗiye. Akan ɗaura shi ne da wani sinadari, don ya narke a ciki, hanji ya tsotse shi. Salfet da gulukonet da fumaret duk sunayen waɗannan abokan ɗaurin ne, feros kuma shi ne ayon ɗin. Lambar da ke biye da sunan kuwa nauyin su biyun ne a haɗe, kamar a auna akwati tare da kayan da ke ciki. Ke kuma kayan kike nema, kuma wani akwatin ya fi wani nauyi sosai. A busasshen feros salfet irin wanda aka rubuta miki, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ayon ne, saboda haka ƙwayarki mai 200 mg tana ɗauke da zallar ayon 65 mg. Feros fumaret ma kusan haka yake, kashi 33 cikin ɗari. Amma gulukonet sinadari ne mai nauyi, ayon ɗin da ke cikinsa kashi 12 ne kacal cikin ɗari. Idan kika lissafa kashi 12 na 300, za ki samu wajen 35 mg. Ke nan tun ba a je ko'ina ba, mai 300 ta tsaya a kusan rabin mai 200.

Ba a gama ba. Kin lura da kanki cewa an rubuta "a duk ƙwaya biyu", kuma na yaba miki, don mutane da yawa idonsu tsallake wannan layin yake yi. Duk lambobin da ke bayan kwalba ana lissafa su ne a kan adadin da kamfani ya kira sha ɗaya, wanda zai iya zama ƙwaya ɗaya, biyu, har huɗu. In kika sha guda ɗaya daga kwalbar ƙawarki, kamar yadda kike yi da ta likita, ayon 17 ko 18 mg kika samu. Wannan shi ne daidai abin da lafiyayyar mace mai jinin al'ada ke buƙata a rana don kada ta faɗa rami. Ke kuwa kin riga kin faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar duk abin da ya gaza 12 a matsayin ƙarancin jini ga macen da ba ta da ciki, naki kuma 10.2 ne. Wanda ake so a cike masa gibi ana ba shi tsakanin 50 zuwa 100 mg na zallar ayon a rana, shi ya sa 65 ɗin da aka rubuta miki take daidai wurinta.

Ga yadda za ki riƙa gane wace lamba ce aka rubuta miki. Idan sunan ma'adinin ne a gaba, wato ayon ko kalsiyam ko zinki, sannan sunan abokin ɗaurin ya biyo a cikin baka ko da ƙananan haruffa, to lambar ta zallar ma'adinin ce. Haka kuma idan kika ga kalmar elimental, ko aka ce "daidai yake da" kaza. Idan kuwa cikakken sunan sinadarin ne kawai da lambarsa, to nauyin haɗin ne, sai kin yi lissafi. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi. Yawancin kwalabe suna da layin da ke nuna kashi nawa cikin ɗari na buƙatar yini ƙwayar ta cika, ana rubuta shi %DV a kayan Amurka, %NRV a na Turai. Ga ayon, ɗari bisa ɗari yana nufin 18 mg a lissafin Amurka, 14 mg a na Turai. Saboda haka kwalbar da ta yi miki ihun babbar lamba a gaba, amma a baya ta ce ɗari bisa ɗari, ta tona wa kanta asiri. Wannan karatun zai yi miki amfani a sauran ma'adinai. Kalsiyam kabonet mai 1,250 mg, alal misali, kalsiyam 500 mg ne a cikinsa, kuma zinki salfet mai 220 mg zinki 50 mg ne.

Yanzu wata za ta ce to ai da sauƙi, sai a sha ƙwaya huɗu daga kwalba ta biyu a kamo 65 ɗin. A nan ne hankalina ya tashi da na karanta wasiƙarki. Matsalar ƙwayar da aka cusa mata abubuwa da yawa ita ce ba ki da ikon ƙara ɗaya ki bar sauran. Duk lokacin da kika ninka ayon, kin ninka bitamin A tare da shi. Ƙwaya biyu suna ba ki 10,000 IU, huɗu kuma 20,000 IU.

Bitamin A ba irin wanda jiki ke zubar da rararsa a fitsari ba ne. A hanta yake taruwa. Mace tana buƙatar kimanin 700 mcg a rana, mai ciki 770 mcg, iyakar da ba a so babban mutum ya wuce kuwa ita ce 3,000 mcg, wadda ita ce 10,000 IU ɗin nan da ke jikin kwalbarki. Wato ko kin bi umarnin kwalbar sau da ƙafa, kina tsaye ne a kan iyaka cak, ba a ma lissafa abin da kike samu a abinci ba. Kuma yawan wannan bitamin a makonnin farko na ciki yana iya janyo wa ɗan tayi nakasa a zuciya, da fuska, da ƙwaƙwalwa. Makonnin farko kuwa su ne lokacin da mace ba ta ma san ta samu ba. Shi ya sa mai neman ciki ake yi mata lissafi irin na mai ciki.

Sai dai ki duba wane iri ne aka sa, domin bitamin A kashi biyu ne a kwalba. Idan kika ga retinol, ko retinil falmitet, ko retinil asitet, wannan shi ne wanda ya riga ya zama bitamin, shi ne kuma iyakar nan ta shafa. Idan beta-karotin ne, jiki ne ke juya shi gwargwadon buƙatarsa, kuma ba a san shi da wannan illar ga ciki ba. Shi ma yana da nasa gargaɗin, amma ga masu shan taba: a wani babban gwaji da aka yi a Finland kan maza masu shan taba kimanin 29,000, wanda aka fitar da sakamakonsa a 1994, waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin sun fi kamuwa da sankarar huhu. In akwai mai shan taba a gidanku, kada a miƙa masa kwalbar da sunan kada ta yi asara. Idan kuma kwalbar ba ta faɗi wane iri ba ne kwata-kwata, ki ɗauka retinol ne, ki ƙaurace mata.

Abin da ya kamata a ce yana hannunki, kuma ban gan shi a wasiƙarki ba, shi ne folik asid. Duk macen da ke neman ciki ana so ta riƙa shan 400 mcg kullum, tun aƙalla wata guda kafin cikin ya shiga, domin bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko. Ki kula da haruffan da ke bayan lambar: mcg ko µg ba ɗaya suke da mg ba, sai an tara mcg dubu ake samun mg ɗaya. Akwai ƙwayar folik asid mai 5 mg, wadda ta ninka ta yau da kullum fiye da sau goma sha biyu, likita ne ke rubuta ta ga mata na musamman, kamar mai sikila, ko mai shan wasu magungunan farfaɗiya, ko wadda ta taɓa haifar jariri mai matsalar laka. Za ki kuma ga masu tallar wani nau'i da ake kira metilfolet, suna cewa ya fi. Wanda aka gwada a kan mata masu yawa aka tabbatar yana hana wannan nakasar shi ne folik asid na asali. Ki tambayi likitanki ya haɗa miki shi, akwai ma ƙwayar da ke ɗauke da ayon da folik asid tare.

Mu zo kan tambari. GMP taƙaitaccen suna ne na ƙa'idojin da ake so masana'anta ta bi wajen tsafta da awo da ajiye bayanai. Ƙa'idojin na gaske ne, amma zanen da ke jikin kwalba, in babu sunan wata ƙungiya a tare da shi, kamfanin ne ya zana wa kansa. Babu wanda ya ba shi, babu kuma inda za ki je ki tabbatar. Haka nan kalamai irin su "an gwada a ɗakin bincike" ko "likitoci sun yaba". Wane ɗakin bincike? Su waye likitocin? In ba a faɗa ba, ba a ce komai ba.

Tambarin da ke da nauyi shi ne na wata ƙungiya ta daban, wadda ba ita ta haɗa ƙwayar ba. Fitattu su ne USP da NSF, sai kuma Informed Sport, wanda 'yan wasa suka fi nema saboda yana binciken sinadaran da aka haramta musu. Abin da tambarin USP Verified ke shaida shi ne abubuwan da aka rubuta suna ciki kuma a adadin da aka rubuta, babu guba irin su darma da makuri fiye da ƙima, ƙwayar tana narkewa cikin lokacin da ya dace, kuma an duba masana'antar. Zancen narkewa ba ƙarami ba ne, don ƙwayar da aka danne ta yi tauri fiye da kima tana iya wucewa ta hanji ba ta saki komai ba. Tunda kowa na iya kwafar hoto ya manna, kada ki tsaya a kan ganin tambarin. Waɗannan ƙungiyoyi suna da jerin kayan da suka tantance a shafukansu na intanet. Ki rubuta sunan kamfanin da sunan ƙwayar daidai yadda suke a kwalba. Idan ba su fito ba, tambarin ƙarya ne ko ya daina aiki. Ki kuma lura cewa ana tantance ƙwaya ɗaya-ɗaya ne, samun tambari a kan bitamin D na wani kamfani bai wanke ayon ɗinsa ba. Haruffan USP da ake sa wa a bayan sunan sinadari ma daban suke da tambarin: wannan iƙirarin kamfani ne cewa ya bi ma'aunin, ba shaidar an zo an duba ba.

Ina so ki riƙe iyakar tambari da kyau. Yana shaida cewa abin da ke rubuce shi ne a ciki. Ba ya cewa kina buƙatarsa, ba ya cewa adadin ya dace da ke. Da a ce kwalbar ƙawarki tana da tambarin USP na gaske, abin da za mu tabbatar kawai shi ne lallai 10,000 IU ɗin nan suna ciki, kuma shawarata ba za ta sauya ba. A ɗaya gefen kuma, rashin irin wannan tambarin bai sa ƙwayar likitanki ta zama abin zargi ba. A ƙasashe da yawa feros salfet mai wannan ƙarfin rajistar magani ake yi masa, kuma ƙa'idar magani ta fi ta ƙwayoyin ƙarin lafiya tsauri. Abin da za ki nema a jikinsa, da ma a jikin kowace kwalba, shi ne lambar rajista ta hukumar kula da magunguna ta ƙasar da kike, da lambar rukunin da aka haɗa shi a ciki, da ranar da zai lalace, da cikakken sunan kamfani da adireshinsa, da murfin da ba a taɓa ɓalle shi ba.

Kwalba ta uku kuwa, kowane layi a jikinta dalili ne na guje mata. FDA, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, ba ta amincewa da ƙwayoyin bitamin da makamantansu kafin su shiga kasuwa. Dokar da aka kafa a can a 1994 ta ɗora alhakin ingancinsu a kan kamfani, hukumar kuma tana shigowa ne bayan kaya sun fita, idan matsala ta bayyana. Saboda haka duk kwalbar irin wannan da ta ce FDA ta amince da ita, ƙarya ta yi miki tun a bakin ƙofa. Wasu sun fi wayo, sai su ce an haɗa a masana'antar da ke da rajista da FDA. Rajista kuwa sanar da hukuma ne cewa ga mu a wuri kaza, ba shaidar inganci ba ce. Kuma a ƙarƙashin wannan dokar, ba a yarda irin wannan ƙwayar ta ce tana warkar da wata cuta ba. Wadda ta rubuta cewa tana maganin rashin haihuwa ta karya dokar hukumar da take fakewa da sunanta.

"Gaurayen sirri" hanya ce ta ɓoye adadi. Ana ba ki jimillar nauyi, 850 mg, a jero sunaye goma ko ashirin a ƙasa, ba tare da an faɗi nawa ne na kowane ba. Yana yiwuwa 800 daga ciki garin ciko ne mai arha, sauran kuma ɗan yayyafi don sunansu ya hau takarda. Ayon nawa ne a ciki? Biyu ko sittin, ba ki da hanyar sani. Abin da ba ki san adadinsa ba kuwa, ba za ki iya auna shi da buƙatarki ba, ba za ki iya tara shi da na sauran kwalabe ki ga ko kin ƙetare iyaka ba, kuma in wani abu ya faru likita ba zai san da me yake fama ba.

Alkawarin kwana bakwai shi ma ya saɓa wa yadda jiki ke aiki. Ɓargo ne ke ƙera jajayen ƙwayoyin jini, kuma yana da iyakar saurinsa. Idan ayon yana aiki yadda ya kamata, ma'aunin yana hawa da kamar 2 a cikin mako uku zuwa huɗu. Babu ƙwayar da ke tsallake wannan. Idan kuwa kika sha irin wannan haɗin kika ji ƙarfi ya zo miki cikin kwana biyu, cin abinci ya buɗe, fuska ta fara cika ta yi zagaye, wannan ba albishir ba ne. Alamar da ake gani ke nan idan an ɓoye magani irin deksametason a ciki, wanda ke ta da sukari da hawan jini, kuma yake da haɗari a yanke shi farat ɗaya bayan an daɗe ana sha. Ɓoye magani a irin waɗannan kayan sanannen abu ne: tsakanin 2007 da 2016 FDA ta gano kaya 776 da aka sa musu magungunan da ba a rubuta ba, galibinsu na ƙarfin maza, da rage ƙiba, da gina tsoka. Ba na cewa taki tana cikinsu. Amma in kin riga kin sha ta na wasu makonni kuma kin ga waɗannan alamun, kada ki yanke ta da kanki, ki kai wa likita kwalbar a hannu ya gani. Kalmar "ba ta da illa" kuwa ba a faɗarta a kan abin da ke aiki a jiki. Ayon na gaske yana da illa, kin ma ji ta a cikinki.

Wannan illar ita ce ainihin damuwarki, don ita ta sa kika fara waige-waige. Tashin zuciya da taurin bayan gida sanannu ne ga mai shan ayon, haka ma bayan gida ya yi baƙi ko kore mai duhu, wanda shi ba abin tsoro ba ne. Suna zuwa ne daga ayon ɗin da hanji bai tsotse ba. Shi ya sa ƙwayoyin da ake yabo da cewa ba sa damun ciki, sau da yawa sirrinsu kawai shi ne ayon ɗin cikinsu kaɗan ne. Akwai abubuwan da za ki iya yi ba tare da kin bar maganin ba. Ki gaya wa likitan halin da kike ciki, ki tambaye shi ko za ki koma sha yau, ki tsallake gobe, ki sha jibi. Wannan ba ragwanci ba ne. Idan ayon mai yawa ya shiga jiki, hanta tana sakin wani sinadari mai suna hefsidin, wanda ke rage tsotsar ayon har kusan kwana guda, saboda haka ba da tazara yana sa jiki ya fi cin moriyar kowace ƙwaya, cikin kuma ya samu hutu. Ayon ya fi shiga idan ciki babu komai, amma in hakan na ta da miki zuciya, ki sha bayan kin ɗan taɓa abinci ko dab da kwanciya. Wanda ya shiga kaɗan-kaɗan kullum ya fi wanda aka jefar a kwana na biyar. Ki raba shi da shayi, da kofi, da madara, da ƙwayar kalsiyam, da maganin ƙwannafi da kamar awa biyu, domin duk suna tare shi. In kina shan maganin maƙoƙo irin lebotairoksin, tazarar awa huɗu ce, kuma ayon yana hana wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta aiki, irin su sifrofuloksasin da doksisaikilin, don haka duk wanda zai rubuta miki magani ki gaya masa kina shan ayon.

Idan duk da haka cikin ya ƙi, likita zai iya sauya miki zuwa fumaret, ko gulukonet shi kaɗai ba tare da tarkacen bitamin ba, ko na ruwa wanda ake iya rage adadinsa. Akwai bisgilaisinet, wanda wasu ke samun sauƙinsa a ciki, amma shi ma da zallar ayon za ki auna shi. Wanda ba na ba da shawararsa shi ne mai rufin da aka yi don ya riƙa saki a hankali ko ya wuce tumbi bai narke ba. Ayon a farkon ƙaramin hanji aka fi tsotsarsa, irin wannan ƙwayar kuma takan wuce wurin kafin ta buɗe.

Bayan mako huɗu ki koma a sake auna jinin. Wannan awon shi ne zai gaya miki gaskiyar kowace ƙwaya, fiye da duk abin da aka rubuta a jikinta. Idan daga 10.2 kin haura zuwa wajen 11.5 ko 12, aiki yana tafiya. Kada ki tsaya a nan, ana ci gaba da sha kamar wata uku bayan ma'aunin ya daidaita, don a cika ma'ajiyar jiki, kuma ciki zai zo da tasa buƙatar, 27 mg a rana. Idan kuwa bai motsa ba alhali kina sha yadda aka ce, kada ki ƙara adadi da kanki, kada kuma ki nemi kwalba ta huɗu. Ko dai jini yana zuba ta wani wuri fiye da yadda ake mayar da shi, kamar al'ada mai yawa ko gyambon ciki ko tsutsar ciki, ko hanji ba ya tsotsa, ko kuma ƙarancin jinin ba na ayon ba ne tun farko. Ki tambaya ko an yi miki gwajin feritin, wanda ke nuna yawan ayon da ke ajiye a jiki. Mai sikila ko talasimiya, wadda ita ma ciwon jini ce na gado, jininta kan yi ƙasa alhali ayon ya ishe ta, kuma ƙara mata shi ba tare da gwaji ba cutarwa ne, don jiki ba shi da hanyar fitar da rararsa. Saboda wannan dalilin ne ma ba a ba wa wani ragowar ƙwayar don ya ce yana jin kasala, musamman namiji ko matar da ta daina al'ada, waɗanda ƙarancin ayon a jikinsu yake buƙatar a binciko inda jinin ke tafiya.

Ƙawarki da alheri ta nufe ki, kuma wataƙila ita ma haka aka gaya mata. Ki zauna da ita ki nuna mata lissafin 300 da ya koma 35, ya sake komawa 17, ki kuma nuna mata layin bitamin A, musamman in ita ma tana shekarun haihuwa kuma tana shan ƙwayar.

Duk kwalaben, har wadda za ki ci gaba da sha, ki sa su a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, a rufe gam. Ƙwayar ayon ƙarama ce, sau da yawa mai launi da santsi, yara suna ɗaukarta alewa, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan masu 65 mg sun isa su jefa ƙaramin yaro cikin haɗari. Idan hakan ta taɓa faruwa, a tafi asibiti nan take tare da kwalbar, ko da yaron ya yi amai ya dawo yana wasa, domin gubar ayon takan lafa na wasu awanni sannan ta dawo ta taɓa hanta.